Mai shayi na daƙiƙa goma

Jiya da daddare wani ƙanena ya turo mini saƙo cewa ya haƙura da harkar katun sai ranar da Allah ya hore masa kwamfuta. Na tambaye shi me ya fara yi a wayar da har ya gaji. Ya ce, "Yaya, labari ne na minti biyar, amma sati uku ina zane ko daƙiƙa ashirin ban cika ba." Na ce to ka ga inda gizo yake saƙar, kuma ba a wayar yake ba. Ko yau aka kai ka Beirut Road aka ce ka zaɓi kwamfutar da ranka yake so, minti biyar ɗin nan za ta kayar da kai kamar yadda ta kayar da kai a waya, domin lissafin bai canza ba.

Fim na silima yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zanen hannu tun da can sun gane cewa in aka bar kowane zane ya tsaya sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, ido yana karɓa ba tare da ƙorafi ba. To ɗauki 12 ɗin. Minti biyar daƙiƙa 300 ne, ka ninka da 12, ka samu 3,600. In kana da saurin hannu kana gama zane ɗaya har da launi a minti goma, awa 600 ke nan. Mutumin da yake zuwa makaranta ko yake tsaron shago a Kwari, yana samun awa biyu bayan isha'i, kusan wata goma zai yi a kan labari ɗaya, in wuta da caji sun bar shi. Shi ya sa nake jin haushi idan na ga ana ce wa yara wai waya ba ta aikin katun. Tana yi. Abin da ba a gaya musu shi ne, sana'ar ba yawan zane ba ce, sanin abin da ba sai ka sake zana shi ba ne.

Bari in ba da misali da abin da na yi da hannuna a FlipaClip, manhajar zanen katun a waya, wadda ake saukewa kyauta, sai dai ta manna maka tambarinta a gefen bidiyo. Ban damu da tambarin ba, mai koyo da kayan aro ba ya tsadar rai.

Akwai wani mai shayi a bakin layinmu da na daɗe ina kallon yadda yake fifita shayi. Yana riƙe kofi a ƙasa, ya ɗaga ɗayan sama har hannunsa ya miƙe, ruwan ya zubo kamar igiya ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Na ce shi zan yi, daƙiƙa goma kacal. Na sa FPS, yawan hoton da ke wucewa a daƙiƙa, a 12. Kowane hoto shi ake kira firem, wato firem 120 ke nan gaba ɗaya. Kafin in taɓa sikirin sai da na zauna da biro da takarda na raba su. Daƙiƙa biyu na farko yana tsaye, ya ƙifta ido. Daƙiƙa huɗu yana fifita. Biyu yana magana. Biyun ƙarshe yana miƙa kofi.

Teburinsa, da gwangwanayen madara da aka jera kamar dala, da burodi a leda, da kiret ɗin ƙwai, duk na zana su sau ɗaya na sa su a matsayin bango, ban sake komawa kansu ba. Manhajar tana ba ka damar ɗora zane a kan zane hawa-hawa, kowane hawa shi ake kira leya. Jikinsa da kansa da hularsa ma sau ɗaya, a leya ta ƙasa, sai in riƙa kwafar firem ɗin. Hannu da baki da ido, waɗanda su ne ke motsi, suna leya ta sama su kaɗai. Ƙifta ido zane biyu ne, rabin rufewa da rufewa, sannan a koma na asali. Kada ka raina wannan ƙiftawar. In babu ita, mutum ya tsaya daƙiƙa biyu ba motsi, mai kallo zai zaci bidiyon ne ya maƙale ya fara zargin datarsa.

Wurin fifitawar ne na fi daɗewa, kuma a nan na koyi abin da ya fi kowanne amfani. Da farko na zana hannu a ƙasa, na ci gaba ɗaya bayan ɗaya har sama. Da na kunna sai na ga hannun yana ƙara tsawo yana tafiya, kofin kuma da ya fara kamar kofi ya ƙare kamar ludayi. Dalili shi ne kowane zane yana ɗan kauce wa na bayansa da kaɗan, kuskuren yana taruwa ba ka sani ba. Maganinsa ka fara zana na farko da na ƙarshe, hannu a ƙasa da hannu a can sama, ka tabbatar girmansu ɗaya, sannan ka cike tsakani. A nan Onion yake aiki, wanda ke nuna maka inuwar zanen baya da na gaba a dishi-dishi, ka ga inda sabon ya kamata ya faɗa.

Na gyara, na cike da zane huɗu a tsakani, shida ke nan, amma na raba tazararsu daidai wa daida. Sai mai shayina ya koma kamar ƙarfen da ake ɗagawa a shingen bincike. Na koma bakin layi na sayi shayin da ba na bukata don kawai in sake kallo. Ashe hannun ɗan Adam ba ya tashi da gudu ɗaya. Yana farawa a hankali, ya fizga a tsakiya, ya lafa in ya kusa tsayawa. A zane ma'anar wannan ita ce na biyu ya matso kusa da na farko sosai, na uku da na huɗu su yi nisa da juna, na biyar ya kusa manne da na shida. Yawan zanen bai ƙaru ba, tazara kawai na canza, sai ga hannu ya zama na mutum. Duk wanda ya ga katun ɗinsa yana tafiya kamar na'ura, kafin ya zargi manhaja ya duba tazara.

Da hannun ya kai sama na bar shi a tsaye firem 12, ruwan shayin kawai ke motsi, zane uku da nake jujjuyawa, kowanne igiyar ruwan ta ɗan karkace daban. Saukowa kuma zane shidan nan ne na jera a baibai. Hawa shida, tsayawa sha biyu, sauka shida, daƙiƙa biyu ke nan, na kwafa na maimaita suka zama huɗu.

Maganarsa gajera ce: "Malam, ga shayinka, a sa madara?" Mutane suna tsoron motsin baki, alhali Hausa ta sauƙaƙa mana. Baki huɗu na zana. Rufaffe na m da b da ɓ, buɗaɗɗe na a, shimfiɗaɗɗe na i da e, zagayayye na o da u. Har f ɗinmu ta Kanawa leɓe biyu ne ke kusantar juna, ba haƙori a kan leɓe ba, don haka ba ta bukatar nata zanen. Abin da ido ke kamawa da wuri shi ne rufewar baki. In ya ce "Malam" leɓensa bai haɗu a farko da ƙarshe ba, ko yaro zai ce maka ba shi ke maganar ba. Kuma a ɗauki murya kafin a zana bakin, ba bayan an gama ba. Ni sai bayan sha ɗaya na dare na ɗauka, a cikin ɗaki, na rufa da bargo, lokacin da janaretocin maƙwabta da hon ɗin 'yan adaidaita suka lafa. A zafin watan Afrilu ne, kada ku tambaye ni yadda na fito.

Miƙa kofi ya ci zane takwas. In ka tara duka, bango ɗaya, jiki ɗaya, ido biyu, hannu shida, ruwa uku, baki huɗu, miƙawa takwas, zane 25 ne suka cike firem 120, kuma yawancinsu guntaye ne, ba cikakken mutum ba. Da na ce sai na zana kowane firem daga farko, awa ashirin ne. Wannan kuwa dare uku ya ɗauke ni, har da ɓarnar da na yi a hanya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce waya ba ta da iyaka ba. Yatsa yana rufe maka daidai wurin da kake zanawa, sai ka riƙa zuƙowa kana komawa, kuma in layi bai haɗu ba ka zuba launi, sai ya malale ya cika sikirin gaba ɗaya. Alƙalamin taɓa sikirin mai kan roba, irin wanda ake samu wajen masu kayan waya a Farm Centre, yana rage wahalar, amma ba ya jin nauyin hannu, don haka layinka kauri ɗaya ne. Waya mai ƙaramin ram tana fara nauyi in firem ya yi yawa, ta yi zafi, wani lokaci ta fitar da kai daga manhajar. Abin da nake yi yanzu shi ne ba na wuce 1280 da 720 a girman shafi, kuma kowace fitowa aikinta daban, daƙiƙa biyar zuwa goma, in fitar da ita MP4, in haɗa su a CapCut daga baya. In ɗaya ta lalace ba ta tafi da sauran ba.

Wannan ma da tsada na koye shi. Wayata ta cika, ta ƙi karɓar ko hoto, na kai wa wani mai gyara, ya ce bari ya share mini tarkace. Na ce bismillah ban tambayi me zai share ba. Aikin wata biyu ya tafi, domin zanen yana cikin manhajar ne, bai shiga wurin hotuna ba. Laifina ne rabi, tunda ban taɓa ajiye kwafi a waje ba. Yanzu duk abin da na gama ina tura wa kaina, kuma a WhatsApp ina tura shi a matsayin Document, domin in ka tura shi a bidiyo kai tsaye ana matse shi, siraran layuka su dusashe.

Akwai kuma masu cewa me ya kai ka wannan wahala alhali ga manhajoji masu mutane a shirye, ka zaɓa ka ɗora murya. Ban hana kowa ba, wasu ma suna ban dariya da su. Amma na duba ban ga mai babbar riga da zanna bukar a ciki ba, ban ga wanda ya iya tsugunawa ya gaida babba ba, balle fifita shayi. Duk ka gan su iri ɗaya, an ɗora musu Hausa a baki kamar aron riga.

Ƙanen nawa dai na ce ya ajiye labarin minti biyar ɗin, ba ya gudu. Na ce ya je ƙofar gida ya kalli mai gurasar da ke zama a nan, ya zaɓi motsi ɗaya, barbaɗa ƙuli ko yaryaɗa mai, ya rubuta mini a takarda zane nawa zai ci kafin ya buɗe waya. Da safen nan ya turo, ya ce 19. Na duba na ga ya manta da ƙifta ido, na ce ya ƙara biyu.