Ku daina cusa "yo" a kowace jimlar Sifaniyanci

Ra'ayina ne, wanda bai yarda ba ga fili: Bahaushen da ke koyon Sifaniyanci ta hanyar Turanci yana wahalar da kansa a banza, domin abin da yake nema a nesa yana nan cikin bakinsa.

Lokacin da na fara, kowace jimla da yo, wato "ni", nake buɗe ta. Yo vivo aquí, yo estudio, yo tengo hambre. Wata rana malamarmu ta saurare ni har na gama, sai ta tambaye ni da wa nake gardama. Ban gane ba sai da na mayar da maganar tawa Hausa: ni ne nake zaune a nan, ni ne nake karatu, ni ne nake jin yunwa. Kamar wani ya ce shi ma yunwar tasa ce.

Dalilin yana wutsiyar aikatau. Ɗauki hablar, wato yin magana: hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan. Siga 6, kowace da ƙarshenta, kuma kunne yana jin bambancin. Da ka ce hablo, wannan o ɗin ya riga ya faɗi cewa kai ne. Aikin da na, ka, ya suke yi mana a gaban aikatau, shi ƙarshen kalma yake yi a Sifaniyanci. 'Yan'uwa na Zinder da Maraɗi da suka yi Faransanci za su ga bambancin nan take: je parle, tu parles, il parle, a baki duk sauti ɗaya ne, shi ya sa Faransanci ba ya iya sakin je ɗinsa.

To idan hablo ta wadatar, me yo yake yi? Daidai aikin ni. "Na biya" labari ne. "Ni na biya" ka ware kanka daga wasu. Yo trabajo y tú duermes: ni ina aiki, kai kana barci. A nan dole a sa su, saboda ana gwama mutum biyu ne.

Inda na fi jin daɗi shi ne jerin kalmomi. A ce an ci abinci, an kawo takardar kuɗi, wani ya tambaya ¿Quién pagó la cuenta?, wa ya biya? Mai biyan kuwa wata ce mai suna Ana. Bahaushe zai ɗauko amsar ya kai ta gaba ya ɗora mata ne ko ce: "Ana ce ta biya." Har aikatau yakan sauya mana, "sun biya" ya koma "su ne suka biya". Masu Sifaniyanci kuwa baya suke turawa: La pagó Ana. Sabon labari ƙarshen jimla yake zama, inda murya ke sauka da nauyi. Idan kai ne, La pagué yo. Kuma idan ana rige-rigen sa hannu a aljihu, abin da za ka ji shi ne pago yo, ni zan biya. Ana pagó la cuenta ba kuskure ba ce, amma in ka faɗe ta lami, ka amsa wata tambayar ce daban: me Ana ta yi?

Akwai tarko a nan da na sha faɗawa. Idan ka jawo abin da aka biya zuwa gaba don shi ake zance, sai ka maimaita shi da ɗan wakilin suna: La cuenta la pagó Ana. Wannan la ta biyu ba ado ba ce. Mu ma haka muke yi: "Kuɗin abincin kam, Ana ce ta biya su."

Kada dai a ɗauka kullum jefar da wakilin suna ake yi. Hablaba tana iya nufin ina magana a da, ko yana, ko tana, har da usted, wato kai ko ke na girmamawa. Idan zancen bai nuna wa ake nufi ba, wakilin suna yana dawowa. Sannan a Kuba, Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika, inda ake yawan haɗiye s ta ƙarshen kalma, za ka ji ¿Qué tú quieres?, wato me kake so, alhali a Madrid ¿Qué quieres? kawai ake cewa.

Abin da nake yi yanzu kafin in sa yo: sai in faɗi jimlar da Hausa a zuciyata. Idan "ni" ta fito da kanta, in sa shi, sau da yawa a ƙarshe. Idan "na" ce kawai ta fito, in bar aikatau shi kaɗai.