An gyara lamba, an bar sanda a inda take

Ranar 18 ga Yuli, 2024 aka daidaita tsakanin gwamnatin tarayya da ƙungiyoyin ƙwadago a kan naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Kafin nan 62,000 ce a kan tebur. Wani ƙanena mai aikin zane ya riga ya haɗa hoton bayani da sanduna uku a kwance: 18,000 ta 2011, da 30,000 ta 2019, da 62,000. Da labari ya sauya, sai ya goge 62 ya rubuta 70, ya turo mini. Na ce masa, "Ƙanena, sandar fa?" Ya ce, "Yaya, ai lambar mutane ke karantawa."

A nan muka saɓa, kuma har yau ina kan bakata. Mai duba waya ido yake fara kai wa kan tsayin sanda, ya yanke hukunci, sannan ya karanta lamba in ya ga dama. Tsayin nan magana ce da gidan jarida ya faɗa, daidai da kanun labari. Idan lamba ta ce 70 sanda kuma ta ce 62, an ba mai karatu labari biyu a hoto ɗaya, kuma na ƙaryar ne zai fi zama masa a kai.

Abin da ke jawo haka a fili yake. Yawancin masu zanenmu da hannu suke ja sandunan a CorelDRAW ko makamancinsa, don haka babu wata igiya tsakanin lambar da sandar. Ka sauya ɗaya, ɗayar ba ta sani ba.

Lissafin bai kai a ji tsoronsa ba. A zanen ƙanen nawa sandar 30,000 tana da tsayin milimita 45, wato kowace naira dubu ta ci milimita ɗaya da rabi. Shi ya sa ta 18,000 ta zama 27, ta 62,000 ta zama 93. To 70,000 sai ta zama milimita 105, ƙarin 12 ke nan. Wanda bai san ma'aunin ba, ga hanya:

```
93 × 70 ÷ 62 = 105
```

Wani zai ce milimita 12 me za ta rage? Sabon albashin ya ninka tsohon sau biyu da sulusi. Sandar da aka bari a 93 kuwa tana nuna ninki biyu da ɗan ɗoriya kaɗan. A batun da ma'aikaci ke lissafa kuɗin shinkafa da na mota, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ja. In aka rubuta sabon tsayi alhali madogarar siffar tana tsakiya, sandar za ta ƙaru milimita 6 gaba, 6 baya, gindinta ya fita daga layin da sauran suka taso. Sai a kafa madogarar, wato `Object origin`, a gefen gindi tukuna, a kuma kashe `Lock ratio`, don kada sandar ta yi kauri tana tsawo, ta cika ido fiye da rabonta.

Sai matsalar wuri, wadda ita ce ta fi gwada gaskiyar mai zane. Filin da ƙanena ya ware milimita 100 ne kacal, 105 ba za ta shiga ba. Zuciya za ta ce a tsayar da ita a 100, wa zai gane? Bai halatta ba. Dole a rage ma'aunin kowa da kowa: a mayar da naira dubu milimita 1.4, sandunan su koma 25.2 da 42 da 98. Aikin minti biyar ne, ya yi shi yana ƙunƙuni, amma ya yi.

Duk wannan lissafi yana tafiya ne idan sandunan daga sifili suka taso. In an fara daga 10,000, sai an cire ta daga kowace lamba kafin a ninka, kuma ni shawarata a sake zanen gaba ɗaya, domin sandar da aka yanke wa gindi tana kumbura bambanci ko da an auna ta daidai.

Na san uzurin ɗakin labarai: lokaci ya ƙure, edita na jira. Amsata ita ce a daina ja da hannu. A gina jadawalin a Excel ko PowerPoint, inda lamba da sanda ke sauyawa tare, sannan a kai shi wurin ado. In kuwa hoton ya riga ya iso teburin edita, ya ɗora rula a kan sanduna biyu, ya raba tsayin babbar da na ƙaramar, ya raba lambobinsu ma. A zanen farko da aka turo mini, rula ta ba ni 2.07, lambobin suka ba ni 2.33.