Allah Ya Isa Ba Ta Da Lambar Kati

Ina zaune wajen mai shayi a Ƙofar Kaura, na sa an soya min ƙwai biyu, sai waya ta yi ƙara. Na ɗauka albashi ne. Ashe naira 4,500 aka cire, wata na uku ke nan a jere, duk ranar 28. Nan take na ce wa mai shayi ya mayar da ƙwan guda ɗaya.

Tun hutun Sallah na yi rajistar wata manhajar kallon finafinai, wai sati ɗaya kyauta. Da satin ya ƙare na goge ta daga waya, na kakkaɓe hannu. Ban san goge manhaja ba ya kashe rajista ba. Katina yana wajensu, kamar wanda ya tashi daga gidan haya bai mayar da makulli ba.

Da daddare na rubuta musu imel mai zafi. Allah ya isa ta fito sau huɗu. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya karanta, ya ce, "Kawu, wanda zai duba wannan ba zai gane wane ne kai ba, balle ya ji tsoro."

Muka sake sabo, da Turanci, ga ma'anarsa: "Barka da aiki. Ina so a soke rajistata, a kashe sabuntawa ta kai tsaye. An cire min naira 4,500 ranar 28 daga katin da lambarsa ta ƙare da kaza. A tabbatar min a rubuce cewa ba za a sake cirewa ba, a gaya min ranar da kallo zai tsaya, a kuma cire katina daga asusun. Na gode."

Na so in zuba lambar katin gaba ɗaya don su ga da gaske nake. Yaron ya riƙe min hannu. Huɗun ƙarshe kawai, in ji shi. Lambar sirri da ukun bayan kati ko su suka nema kada in bayar.

Washegari amsa ta zo cikin ladabi: babu asusu da wannan adireshin, amma katin yana kan wani asusun, sai a turo saƙo daga can. Sai na tuna da imel ɗin uwargida muka yi rajistar.

Na karɓi wayarta na tura. Suka tabbatar an soke, kuɗin wannan watan ba zai dawo ba, amma ana iya kallo har 27. Na ɗauki hoton amsar na adana.

Tana miƙo min tuwo ta ce, "Malam, har 27 kawai? Saura min kashi goma sha ɗaya fa."