Shafi 14 a kan shago ɗaya

Yau zuwana na uku ke nan ofishin da ke rubuta takardun haya, duk a kan shago ɗaya da bai fi ɗakin gwauro ba. Ba zan yi maganar kuɗin adaidaita sahu ba, kowa ya san yadda ake ciki.

Ni da mai shagon mun gama magana tun tuni a gaban dillali, ko rabin awa ba mu yi ba. Naira 600,000 a shekara, shekarar ta fara daga 1 ga Maris, ranar da zan karɓi makulli. Rufin da ke yoyo shi zai gyara kafin damina. Kuɗin wuta ni zan biya. In zai tashe ni, notis na wata uku. Shi ke nan, muka yi musabaha.

Sai aka ce a je a rubuta. Aka miƙo mini shafi 14 na Turanci, kwafi uku, kowane shafi naira 100, na ƙirga 4,200 na bayar. Da dare ɗana ya zauna yana karanta mini. A shafi na 2 an rubuta kuɗin da lamba 600,000, amma a cikin kalmomi dubu ɗari shida da hamsin. A shafi na 9 ga sunan wani bawan Allah da ban taɓa ji ba. Nan na gane abin da suke yi: tsohuwar takardar wani suke buɗewa a kwamfuta, su goge sunansa a sama su sa naka, abin da ke can ciki kuma sai yadda Allah ya yi. Na koma aka gyara, aka sake bugawa, wata 4,200. A ta biyun hayar ta fara daga 1 ga Janairu, wato na biya wata biyun da ban zauna ba, gyaran rufi kuma ya dawo wuyana.

To yau na tafi da dabarata. Na rubuta sharuɗɗan nan biyar a bayan wani rasit, na ajiye a teburin yaron da ke bugawa, wanda bai girmi ɗana na biyu ba. Na yi sallama. Ya amsa da hanci, idonsa na kan waya.

Na ce, “Malam, don Allah kafin ka buga komai, ka fitar mini da abin da muka amince a layi biyar, ka karanta mini. In daidai ne in ce eh, sai ka buga doguwar sau ɗaya.”

Ya ɗauki rasit ɗin da yatsa biyu kamar ya tsinci ƙyallen majina. Ya juya gaba, ya juya baya. Sannan ya ce, “Baba, nan fa ba kasuwa ba ce. Akwai tsari.”

Na ce, “Tsarin ne ya sa mini sunan wani a shafi na 9?”

Ya ce, “Ai shi ya sa ake cewa mutum ya karanta kafin ya sa hannu.”

Madalla da wannan nasiha! Ashe laifina ne da ban zama lauya ba kafin in nemi wurin sayar da atamfa. Na haɗiye na ce, “Minti biyu ne fa, ɗana.” Sai ya tura mini rasit ɗina da bakin biro, ya ce, “In mun tsaya yi wa kowa taƙaitawa, yaushe za mu yi aiki? Wa ke biye?”

Jama'a, mai cirar kuɗi da ke zaune a ƙarƙashin lema ba ya tura ko sisi sai ya karanta maka sunan da ya fito, ya ce, “Shi ne? In tura?” A ɗaurin aure ana faɗin sadaki da ƙarfi, wannan ya ce na bayar, wancan ya ce na karɓa, shaidu sun ji. Takardar cinikin gonar mahaifina rabin shafi ce, an karanta ta a zauren mai unguwa, har yau babu wanda ya yi jayayya. Amma masu kwamfuta da fanka su ne ba su iya tambayar “haka ne?” ba. Ko da yake me zai sa su iya, tunda kowane kuskure nasu 4,200 ce daga aljihuna?

Kuma ba su kaɗai ba ne. Je ka karɓar bashin banki, ko fom ɗin tallafin da gwamnati ke ta shela a rediyo. A rediyon da Hausa za a kira ka, da ka isa sai a dire maka tulin Turanci da ƙananan haruffa, a nuna maka inda za ka dangwala yatsa. Me zai hana hukuma ta wajabta cewa duk takardar da talaka zai sa wa hannu, a fara da layuka kaɗan cikin harshensa, nawa ne, zuwa yaushe, me ke kan wa? Ba za su yi ba, don masu yin dokar suna da lauyoyin da ke karanta musu. Mu ma da namu laifin: mun saba sa hannu muna cewa Allah ya sa alheri, sai rigima ta tashi mu kwashi takardar da ba mu san abin da ke cikinta ba mu nufi kotu.

An ce in dawo ranar Litinin da wata 4,200. Makullin har yanzu yana hannun dillali, kayana kuma na jibge a zauren maƙwabci.