Izinin naɗar waƙa daban, izinin yaɗa ta daban

Mai binciken kiɗa da ya shiga ƙauyukan Sakkwato yakan ɗauka cewa da makaɗi ya ce "bismilla, naɗa", magana ta ƙare. A ganina nan ne ta fara, musamman a waƙar fada.

Waƙar fada, irin wadda Narambaɗa da Salihu Jankiɗi suka yi suna da ita, ba yabo kaɗai ba ce. Akwai zambo da habaici ga abokan hamayyar ubangidan makaɗi, galibi 'yan'uwansa masu jiran gado. A ƙofar fada ana yi, a yi dariya, iska ta kwashe. Na'ura kuwa ba ta mantuwa.

A ɗauki misali. Ɗalibi ya naɗi makaɗin kotso yana wasa hakimi, waƙar minti 20, zambon cikinta bai fi minti 2 ba. Ba a ambaci suna ba, an dai ce mai sanƙo, mai rowa, kuma duk garin sun san ko wane ne. Ɗalibin ya tura wa abokinsa ta WhatsApp, wani ya yanke minti biyun nan ya watsa. Bayan shekaru hakimin ya rasu, aka naɗa mai sanƙon. Ɗalibi ya karɓi digirinsa tuntuni, makaɗi ne zai kwana a garin.

Shi ya sa ya kamata a raba izini gida uku, a tambayi kowanne daban: sauraro don nazari, ajiya a ɗakin adana kayan tarihi, sai sakewa ga duniya ta rediyo ko intanet. Takardar boko da makaɗi zai dangwala wa yatsa ba tare da ya karanta ba, kare kai ce kawai ta mai bincike. Gara a naɗi yardar da bakinsa a farkon ɗaukar, da rana da wuri da abin da ya amince. Bayan an gama a kunna masa waƙar duka, a tambaye shi ɗan waƙar da ba ya son ya fita. Idan ya yi shiru ya ce "to, Allah dai ya rufa asiri", wannan ba yarda ba ce, kunyar baƙo ce.

Kuma ba shi kaɗai ke da murya a ciki ba. 'Yan amshi da masu kiɗa da sanƙira kowa ya zuba nasa, amma a rubutun bincike sai su koma "da yaransa". A rubuta sunan kowa da abin da ya kaɗa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai wasa, kamar makaɗi ko mawaƙi, iko kan naɗar wasansa da yaɗa shi. Saboda haka ɗan abin goron da aka miƙa ranar ɗauka ladan zaman ranar ne, bai sayi waƙar ba. In za a ɗora ta inda take kawo kuɗi, a yanke rabo tun kafin a ɗora, a kuma bar wa makaɗi cikakken kwafi a katin wayarsa.