Hargitsin teburinka ba laifin entirofi ba ne

Kwanakin baya na leƙa wurin wani abokin aikina, na tarar da teburinsa kamar an yi yaƙi a kai: takardu a warwatse, wayoyin caji sun sarƙe da juna, littattafai wasu a kife wasu a ƙasa. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce, "Malam, kada ka ga laifina, entirofi ne. Dokar kimiyya ce, komai na duniya lalacewa yake yi." Muka yi dariya. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Kamfani ya durƙushe, a ce entirofi. Zumunci ya yi sanyi, a ce entirofi. Kalmar ta zama wata kwalliya da mai ɗan karatu ke yafawa idan yana son ya ce "hargitsi" ko "lalacewa" amma da ƙamshin boko.

Ra'ayina shi ne wannan aron yana ɓata fahimta fiye da yadda yake gyara ta. A fiziks entirofi adadi ne da ake aunawa, yana da ma'auni kamar yadda tsawo ke da mita, kuma idan aka zauna aka yi lissafin, tebur mai hargitsi kusan ba ya cikin zancen ko kaɗan.

Masanin Jamus Rudolf Clausius ne ya ƙirƙiro kalmar a 1865, daga wata kalmar Girkanci mai nufin juyawa ko sauyawa. Abin da ke gabansa shi ne injin tururi da tambayar da masanin Faransa Sadi Carnot ya taso da ita tun 1824: shin akwai iyaka ga aikin da za a iya samu daga zafi? Babu ruwansa da tsaftar ɗaki. Ma'anar da ya bayar gajeriya ce, ΔS = Q/T. Wato idan zafi ya shiga wani abu a hankali ba tare da ma'aunin zafinsa ya sauya ba, ƙarin entirofinsa shi ne yawan zafin da ya shiga, a raba shi da ma'aunin zafin abin. Ana ƙirga zafin da jul, ma'aunin kuma da kelbin, wanda ake samu idan aka ƙara 273 a kan digirin Salshiyos.

Mu ɗauki ƙanƙara kilo ɗaya a digiri sifili, wato kelbin 273, mu ajiye ta a ɗakin da ke digiri 20, wato kelbin 293. Kafin ta narke duka sai ta sha zafi kimanin jul 334,000. A raba wannan da 273, entirofin ƙanƙarar ya ƙaru da kimanin jul 1,223 a kowane kelbin, wanda shi ne ma'aunin entirofi. To, zafin nan daga ɗakin ya fito, saboda haka ɗakin ya yi asara. Amma da yake ɗakin ya fi ɗumi, da 293 za a raba, sai asarar ta tsaya a kimanin 1,140. Ƙanƙara ta samu 1,223, ɗaki ya rasa 1,140, jimilla an samu ƙarin 83. Wannan ƙarin shi ne dalilin da ya sa ƙanƙara ke narkewa da kanta a ɗaki mai ɗumi, kuma shi ne abin da doka ta biyu ta ilmin zafi ke faɗa: idan ka haɗa abu da duk abin da yake musayar zafi da shi, jimillar entirofi ba ta raguwa.

Yanzu a juya lamarin. Ruwa ne kilo ɗaya a digiri sifili, iskar da ke kewaye da shi kuma tana digiri 10 ƙasa da sifili, kelbin 263. Idan ruwan ya daskare zai saki jul 334,000 ɗin nan, entirofinsa ya ragu da 1,223. Iskar da ta karɓi zafin za ta samu 334,000 a raba da 263, kimanin 1,270. Har yanzu jimilla ta ƙaru, da 47. Saboda haka ruwan zai daskare da kansa, ƙwayoyinsa da ke yawo su jeru sahu-sahu cikin tsari mai kusurwa shida, babu wanda ya sa hannu. Ga tsari ya fito daga rashin tsari, kuma dokar da abokina ya jingina da ita ce ta tilasta hakan. A nan ne zancen "komai lalacewa yake yi" ya fara tangal-tangal. Dokar ba ta hana entirofin wani abu raguwa ba, sharaɗinta kawai a biya farashin a wani wuri. Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firij ya ji ɗumi, ya taɓa wurin da ake biyan.

To daga ina zancen hargitsi ya samo asali? Daga masanin Austriya Ludwig Boltzmann, ko in ce daga yadda aka riƙa sauƙaƙa aikinsa ga ɗalibai. A 1877 ya nuna cewa entirofi yana da alaƙa da ƙirge, kuma lissafin da aka sassaƙa a kan kabarinsa a Vienna shi ne S = k log W. Harafin W yana nufin yawan hanyoyin da ƙwayoyin abu za su iya zama, da yadda za su iya raba makamashi a tsakaninsu, alhali abin da ake aunawa daga waje bai sauya ba: zafi ɗaya, matsi ɗaya, girma ɗaya. A ƙanƙara kowace ƙwaya tana daure a gurbinta, sai ɗan karkarwa, hanyoyin kaɗan ne. A ruwa ƙwayoyin suna zamewa suna juyawa, hanyoyin sun ninku ninkin ba ninkin. Yanayin da ya fi yawan hanyoyi shi aka fi tarar da abu a cikinsa, don ƙwayoyi ba sa zaɓe, karo kawai suke yi da juna. Malamai suka ga kalmar hargitsi ta fi saurin shiga kan yaro, suka yi amfani da ita, ita kuma ta fice daga aji ta bar lissafin a baya.

Mu gwada lissafin Boltzmann a kan teburin abokina, mu yi masa adalci. A ce littattafai ɗari ne, kuma jeri ɗaya tak ne daidai. Yawan hanyoyin da za a iya jera littattafai ɗari lamba ce mai gurabe 158, wadda ko faɗinta ba ya yiwuwa. Mutum zai ce ai ga entirofi nan tuli. Sai dai lissafin ba lambar yake ɗauka kai tsaye ba, logaridim ɗinta yake ɗauka, wato "log" ɗin nan da ke matse manyan lambobi, wanda ya dawo da ita kimanin 364. Daga nan a ninka da k, wanda ƙanƙantarsa ta wuce misali: 1.38 × 10⁻²³ jul a kowane kelbin. Amsar ita ce kimanin 5 × 10⁻²¹, wato sifili, ɗigo, sifili ashirin, sannan biyar. Narkewar ƙanƙara giram ɗaya, ɗan gutsuren da bai cika cokali ba, tana ba da 1.2. Ko kwatanta su ma ɓata lokaci ne.

Akwai abin da ya fi wannan ban dariya. Jikin babban mutum yana fitar da zafi kimanin wat ɗari, wato jul ɗari a kowace daƙiƙa, ko yana zaune. A minti goma ya zuba wa iskar ɗaki jul 60,000, wanda a kelbin 293 ya ƙara mata entirofi kimanin 200. Ko abokina ya kwashe minti goman yana jera littattafai, ko yana watsa su, ko yana kallonsu yana hamma, wannan 200 ɗin na nan, kuma bambancin jeri da warwatsi bai kai a gan shi a gefenta ba. Littafi ba ya tashi ya sauya wuri don zafin ɗaki, kamar yadda ƙwayar iska ke yi. Hannu ne ya ɗauke shi, hannun kuma bai mayar ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi watsi da shi ba. Harshe kullum aro yake yi. Muna cewa ana yi wa gwamnati matsin lamba, babu wanda ya zo da ma'aunin matsi. Masana ma sun ari kalmar: Claude Shannon ya kai ta fagen sadarwa a 1948, inda take auna yawan rashin tabbas da ke cikin saƙo. To me ya sa za a ƙyale Shannon a tsare abokina? Bambancin shi ne Shannon ya tafi da lissafin gaba ɗaya, ya faɗi abin da yake ƙirgawa, kuma amsarsa lamba ce da wani zai iya bincikawa. Wanda kuma ya ce matsin lamba bai yi da'awar cewa wata dokar halitta ce ta tabbatar da maganarsa ba. Mai cewa entirofi ya rusa kamfaninsa yana yin wannan da'awar. Yana aron rigar doka ta biyu, dokar da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, ya lulluɓa wa abin da sakaci ko mugun shugabanci ya jawo, sai ya zama kamar ba makawa.

Ɓarnar ba a nan kaɗai ta tsaya ba. Wanda ya haddace cewa entirofi hargitsi ne kuma kullum ƙaruwa yake yi, zai ga tsiro ya fito daga ƙwayar iri ya zama bishiya, ya ɗauka an karya doka. An sha kafa hujja da wannan a muhawara kan asalin rayuwa da sauyawar halittu. Kuskuren iri ɗaya ne da na wanda ya kalli ruwan da ya daskare ya manta da iskar da ta karɓi zafin. Duniya ba rufaffen akwati ba ce. Tana karɓar haske daga rana, wadda fuskarta ke kimanin kelbin 5,800, tana mayar da kusan makamashin nan duka sararin sama a kimanin kelbin 255. Makamashi ɗaya ne, amma a raba shi da ƙaramin ma'aunin zafi, sai entirofin da ke fita ya ninka wanda ke shigowa kusan sau ashirin. A cikin wannan tazarar ganye ke haɗa sukari, jariri ke girma, gajimare ke taruwa.

Idan ka ji an ambaci kalmar, tambayoyi biyu sun isa su nuna maka ko fiziks ake yi ko ado. Entirofin mene ne, kuma ina iyakarsa, an haɗa da abin da ke kewaye ko an bar shi waje? Sannan me ake ƙirgawa, zafi nawa a wane ma'auni, ko hanyoyi nawa na waɗanne ƙwayoyi? Na gwada su a kan abokina da na koma. Ya yi shiru, ya ɗaga wani littafi ya tarar da makullin da ya kwana uku yana nema a ƙarƙashinsa, sannan ya ce in taya shi warware wayoyin cajin.