Wai don babu metadata sai hoto ya zama na bogi?

Shekaranjiya bayan ruwan nan mai ƙarfi, wani dattijo ya turo hoto a guruf ɗin unguwarmu na WhatsApp. Ruwa ya cika wani layi a Tudun Wada, ya shanye tayoyin wata keke napep. Sai wani ƙanenmu da ya ɗan san kwamfuta ya ce hoton bogi ne, wai ya duba bai ga metadata ba. Nan take aka yi wa dattijon caa. Abin ya tsaya mini a rai.

Idan ka ɗauki hoto, wayarka tana rubuta wasu bayanai a cikin fayil ɗin, su ne metadata ɗin, ana kuma kiransu EXIF: samfurin wayar, rana da lokacin ɗauka, har da wurin da kake tsaye in ka bai wa kyamara izini. Amma da zarar ka tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp, manhajar tana matse shi ta zubar da waɗannan bayanai. Haka wanda aka sauke daga Facebook ko Instagram. Da ana bari, duk wanda ka tura wa hoton tsakar gidanku zai iya gano ƙofar gidan.

Na gwada da kaina. Na ɗauki Ƙofar Doka da yamma, na shiga Details, ga sunan waya, ga lokaci, nauyinsa ya kusa megabait 4. Na tura wa ƙanwata. Da ya isa wayarta bai kai kilobait 300 ba, sunan waya ya ɓace, sunan fayil ɗin ma ya koma mai ɗauke da WA, kwanan watan da ke jikinsa kuma na ranar da ta karɓa ne. Ni na ɗauka da hannuna, to ya zama na bogi ke nan? Da na sake turawa ta Document, wato a matsayin fayil ba hoto ba, komai ya isa cif.

Kuma ko bayanan suna nan, kada a saki jiki. Da manhaja irin exiftool, cikin minti ɗaya mutum zai mayar da hoton 2019 na jiya.

Na ce wa yaron: "Ƙanena, da ka fara tambayar Baba wa ya ɗauka, a roƙi mai shi ya turo ta Document. Ka kuma saka hoton a Google Lens, in tsohon hoton wani gari ne, sau da yawa za ka ga inda ya taɓa fitowa."

Ni dai allon wani shagon tela na gani a gefen hoton. Da safe na hau acaɓa na je layin. Ga shagon, ga shatin ruwa a jikin katanga daidai gwiwata, telan yana ta shanya yadika a rana.